Shirun Ɗaki Ma Sauti Ne: Shawarwari Tara Ga Mai Haɗa Bidiyon Gida

A gidajenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da wuya yanzu a yi suna ko walimar sauka ko kai amarya ba a ɗaga waya uku ko huɗu sama ba. In an watse sai a tattara abin da aka ɗauka a tura wa yaro ko yarinyar da hannunsu ya faɗa da CapCut ko KineMaster, a ce su haɗa a aika wa dangi na Funtuwa da Zariya da Kaduna, waɗanda halin hanya bai bari sun zo ba. Hoto yakan fito lafiya lau. Sauti ne ke ba da kunya. Nan hayaniya, can tsit kamar an toshe maka kunne, gaba kaɗan iska na dukan makirfo kamar ana kaɗa tabarma. Mai haɗawa in ya gaji sai ya ɗora waƙa daga farko har ƙarshe, ya binne komai, har da muryar tsohuwar da wataƙila ba za a sake samun ta a wani bidiyon ba.

Da hunturun da ya wuce aka kai ɗiyar yayata daga Ƙanƙara zuwa ɗakinta a Sabuwa, kuma ni aka danƙa wa haɗa bidiyon. Yanki biyar aka turo mini daga waya uku. Akwai girki a tsakar gida da hantsi, daƙiƙa 40, sautinsa garau. Akwai ɗaurin aure a ƙofar gida, daƙiƙa 25, iska ta cinye shi. Akwai nasihar Gwaggo ga amarya a cikin ɗaki, minti uku, wadda sai an yanke ta wuri uku. Sai hotuna tsayayyu guda shida, ba su da sauti sam. Na ƙarshe shigar amarya mota, daƙiƙa 18, wanda aka sauko da shi daga sitatus ɗin wata, ta riga ta ɗora masa waƙa. Da wannan bikin zan yi misali a shawarwarin da ke tafe.

1. Ku fara sanin cewa ɗaki ba ya yin tsit.

Ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa, kowa ya kama bakinsa, ku saurara. Za ku ji fanka, ko kwanon rufi na ƙas-ƙas saboda rana, ko babur can nesa, ko injin niƙa a bayan layi. Ita kanta wayar tana da wani siririn huci nata da take sawa a duk abin da ta ɗauka. Wannan duka shi masu shirya fim ke kira rumton, ni kuwa shirun wuri nake ce masa. Kunne ba ya kula da shi muddin yana nan, sai an ɗauke shi. Idan kuka yanke tari daga tsakiyar magana kuka bar gurbin fanko, abin da ke wurin ba shirun ɗaki ba ne, rashin sauti ne ɗungurungum, irin wanda babu shi a duniya sai a cikin na'ura. Mai kallo zai ji kamar an ɗauke wuta, ya duba wayarsa ko ita ce ta tsaya. Aikin gaba ɗaya shi ne a toshe wannan ramin da sautin wurin kansa, yadda kunne zai wuce bai yi tuntuɓe ba.

2. Ku ɗauki minti ɗaya na shirun kowane wuri tun kafin a tashi.

Wannan ita ce shawarar da ta fi sauran arha, kuma ita aka fi mantawa. Da an gama magana, kada mai ɗauka ya motsa. Ya roƙi mutane su yi shiru, ya ci gaba da ɗauka daƙiƙa 30 zuwa 60, da wayar nan dai, a inda yake tsaye, fanka na juyawa yadda take, ƙofa a buɗe in da ma a buɗe take. Mutanen ma su zauna, domin ɗaki mai mutum goma da katifa da labule ba ya amsa sauti irin na ɗakin da aka kwashe.

Da kyamarar bidiyo za a ɗauka, ba da manhajar naɗar murya ba, balle saƙon murya na WhatsApp. Dalili kuwa, kowace manhaja da yadda take sarrafa abin da makirfo ya ji. Saƙon murya an gina shi ne don magana, yana matse sauti sosai, shirun da zai ba ku ba zai yi kama da na bidiyonku ba. Ku ɗauki bidiyon ko da bango ne a gaban kyamarar, daga baya ku zare sautin da `Extract audio`. A farkonsa ku faɗi sunan wurin da bakinku, misali "ɗakin Gwaggo, bayan azahar, da fanka", sannan ku ƙirga uku a zuci kafin ku ɗauka cewa an fara. Wayoyi da yawa suna ƙara wa makirfo ƙarfi da kansu idan magana ta tsaya, shi ya sa daƙiƙun farko sukan kumbura. Na tsakiya ne masu amfani.

Ni ban yi haka ranar bikin ba, don ba ni na ɗauka ba. Washegari na koma ɗakin da wayar ƙanwata, wadda da ita aka ɗauki nasihar, a daidai lokacin da aka yi ta, na tarar da Gwaggo a kan sallaya tana jan carbi.

"Gwaggo, don Allah ki taimake ni da minti ɗaya. Shiru kawai za mu yi, ni da ke."

"Shirun kuma ɗauka ake yi, ɗan nan?"

"Ana yi, Gwaggo. Shi zan liƙa a inda kika yi tari jiya."

Ta ajiye carbin don kada ƙarar 'ya'yansa ta shiga, muka zauna. Bai yi daidai da na jiya ɗari bisa ɗari ba, domin jiya ɗakin cike yake da mata, amma ya fi duk wani abu da zan iya saukowa da shi daga intanet.

3. Idan ba a ɗauka ba, ku tono shi daga cikin bidiyon.

Sau da yawa ba a iya komawa. An kwance rumfa, baƙi sun tafi, ko wurin ya yi nisa. To shirun yana nan ɓoye a cikin abin da aka ɗauka. Ku sa iyafis, ku buɗe zanen sautin, ku nemi inda layin ya kwanta: kafin mai magana ya fara, bayan ya gama, ko inda ya tsaya yana tunani. Tsofaffi sun fi kowa ba da irin wannan sarari, don ba sa gaggawar magana. Mai kwamfuta zai iya ciro daƙiƙa tara daga minti biyu da daƙiƙa goma kamar haka:

```
ffmpeg -ss 00:02:10 -t 9 -i biki.mp4 -vn -ar 48000 shiru.wav
```

Daga nan sai tsincewa, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Duk wani abu mai fuska a cikin yankin a fitar da shi: gyaran murya, ƙarar cokali, kukan akuya, carar zakara. Huci mai tafiya bai-ɗaya ana iya maimaita shi sau uku ba a gane ba. Amma zakara ɗaya da ya yi cara iri ɗaya duk bayan daƙiƙa tara, ko yaro ƙarami zai gane an yi dabara.

Ga lissafin da na yi wa hotuna shida na bikin. Kowane hoto na ba shi daƙiƙa huɗu, jimla 24. Daga bidiyon girki na samu daƙiƙa tara na gunagunin tsakar gida, muryoyi can ƙasa-ƙasa waɗanda ba a rarrabe kalmominsu. Na jera shi sau uku, kowane ya hau kan na gabansa da daƙiƙa ɗaya, wato tara da takwas da takwas, 25 ke nan, har da rarar ɗaya. Na tsakiyan na juya shi baya da `Reverse` a Audacity, don kada kunne ya ji abu ɗaya yana dawowa. Juyawa tana aiki ga fanka da iska da gunaguni mai nisa. Ba ta aiki ga tafi ko daka ko magana ta kusa, waɗannan in aka juya su sai su koma kamar ana zuƙe su. Mai waya kaɗai ya nemi yanki biyu mabambanta ya riƙa sassaɓa su, na farko, na biyu, na farko.

4. Kada ku haɗa baki da baki. Ɗaya ya shiga cikin ɗaya.

Inda sauti biyu suka haɗu kai-tsaye, sau da yawa za ku ji "ƙat". Maganinsa a sa shirun a wani layin sauti daban, a ƙarƙashin gibin, ya ɗan zarce shi ta hagu da ta dama. Sannan a yi wa maganar `Fade out` inda ta ƙare da `Fade in` inda ta ci gaba, shirun kuma ya shigo a hankali ya fita a hankali, a daidai waɗannan wuraren.

Tsawon shigar ya danganta da abin da ake haɗawa. A tsakiyar magana gajere ake so, kamar 0.1 na daƙiƙa, wanda ya yi daidai da firam uku a bidiyon da ke tafiya firam 30 a daƙiƙa. In ya fi haka zai ci farkon kalma, "Bismillah" ta koma "smillah". Tsakanin wuri da wuri kuwa, kamar daga tsakar gida zuwa ƙofar gida, rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda ya fi daɗi. Idan a tsakiyar haɗin kuka ji sautin ya ɗan faɗa rami ya fito, to biyun sun yi ƙasa a lokaci ɗaya, sai ku ƙara yawan hawan da suka yi wa juna.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a nan. Mutum zai shimfiɗa shirun daga farkon nasiha har ƙarshe, alhali bidiyon na da nasa hucin. Sai huci ya hau kan huci inda ake magana, ya ragu inda aka yanke, gibin ya sake bayyana ta wata fuskar. A ɗakin Gwaggo faci uku kawai na yi: daƙiƙa biyu inda ta yi tari, huɗu inda wata ta leƙo tana neman makullin sito, ɗaya da rabi inda waya ta yi ƙara.

Wata dabara mai sauƙi kuma: sauti ya riga hoto isowa. Daƙiƙa ɗaya kafin hoton ƙofar gida ya bayyana, gunagunin maza ya fara shigowa a ƙarƙashin hoton girki. Kunne ya riga ya isa can, ido na biye, ba a jin an yi tsalle.

5. Wani lokaci mai tsabtar ake ƙara wa datti.

Wannan ita ce shawarar da mutane suka fi yi mini gardama a kanta, kuma ita na fi tsayawa a kai. A ce an ɗauki rabin walima da wutar NEPA, aka ɗauke, aka tayar da janareta aka ɗauki sauran. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya danna `Reduce noise` har sai janaretan ya ɓace. Ba ya ɓacewa shi kaɗai. Yana tafiya da wani ɓangare na muryar, ya bar ta tana wani gurgur kamar mai magana da kai a cikin randa. Da kun ji harafin "s" da "sh" sun fara narkewa, kun wuce gona da iri.

Abin da ya fi shi ne a haɗu a tsakiya. A rage janaretan kaɗan a yankin da yake ciki, sannan a ɗauko sautinsa a shimfiɗa ƙasa-ƙasa a ƙarshen yankin da ba shi, yana tasowa a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Ƙarar da ke nan daram kunne na mantawa da ita cikin ɗan lokaci. Wadda ke faɗowa farat ɗaya ta ɗauke farat ɗaya ita ce ba ya yafewa.

A Audacity shirun da kuka ɗauka na da amfani na biyu. Ku zaɓe shi, ku shiga `Noise Reduction` ku danna `Get Noise Profile`, manhajar ta san abin da za ta rage, sannan ku zaɓi maganar ku rage da 6 zuwa 9 dB, kada ku zarce. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ƙananan janaretocinmu kuma suna juyi 3000 a minti don su ba da hakan, shi ya sa gurnanin wuta ke zama a 50 Hz da ninkinsa, 100 da 150. `Notch Filter` a waɗannan wuraren yakan rage gurnanin ba tare da ya taɓa murya sosai ba, ko da yake ba ya kawar da ƙarar salansa. Ku kuma lura cewa muryar janareta na sauyawa da nauyin da aka ɗora masa. In an jona firij ko dutsen guga sai ya yi ƙasa. Don haka ku ɗebi facin daga kusa da gibin, ba daga minti goma baya ba.

6. Abin da iska ta cinye ya tafi. Ku san inda za ku tsaya.

Iskar hunturu in ta daki makirfo, ƙararta a ƙasa take, wurin kauri. Idan dukan bai yi tsanani ba, `High-Pass Filter` a wajen 100 zuwa 120 Hz zai share mafi yawansa ya bar magana. Idan kuwa kun duba zanen sautin kun ga kansa a aske, ya daki sama ya miƙe kamar an sare shi da wuƙa, to makirfon ya cika ya tumbatsa a lokacin, kalmomin ba su shiga ba tun asali.

Haka na tarar da ɗaurin auren. Na fara da cigiyar wanda ya ɗauka da wata wayar, domin wanda ya tsaya a jikin katanga ko cikin zaure yakan tsira daga iska. Da an samu, da sai in daidaita sautinsa da hotona ta wani abu da ake gani kuma ake ji, kamar lokacin da aka ce a yi fatiha hannuwa suka tashi. Ba a samu ba. Sai na kashe sautin gaba ɗaya, na ɗauko daƙiƙa bakwai na gunagunin maza daga ƙarshen yankin, inda mai ɗauka ya juya wa iska baya, na shimfiɗa, na rubuta a kan hoton cewa nan ne aka ɗaura aure, da rana da wata.

Wani ya ba ni shawara in sa waliyyi da wakili su maimaita abin da suka faɗa in ɗora. Na ƙi. Shirun wuri da ƙarar ƙofa cikon gibi ne, amma siga da sadaki da shaidu magana ce da wata rana za a iya komawa kanta, kuma bidiyon gida yakan zama hujja ba tare da an shirya ba. Kalmar da ba a ji ba a bar ta a matsayin wadda ba a ji ba.

7. Sautin ƙari: abin da ido ya gani kawai, kuma a gida za a yi shi.

Yankin shigar amarya mota ba a iya raba shi da waƙar da aka ɗora masa, don haka na kashe shi na gina sabo. Da farko na shimfiɗa shirun ƙofar gida. Sannan na kalli hoton sau uku ina rubuta abin da ido zai nemi jin sa: ƙofar mota ta rufe a daƙiƙa ta 11, wata inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗa daga ta 12 zuwa ta 15, mota ta ja a ta 16. Uku ke nan. Ban sa takun ƙafa ko motsin mayafi ba, domin daga inda mai ɗauka ya tsaya ba za a ji su ba ko da sautin asali na nan.

Wannan sana'a ta yin sauti da hannu ana bin hoto tsohuwa ce. Da sunan Jack Foley ake kiran ta, wani ma'aikacin kamfanin Universal a Amurka da ya fara ta tun ƙarshen shekarun 1920. Ba ta buƙatar situdiyo. Abin da take buƙata shi ne a yi sautin a irin wurin, daga irin nisan. Ƙofar motar maƙwabci na ɗauka a waje, daga taku shida, kamar yadda hoton ya nuna. Da na kai wayar jikin ƙofar, da ta fito kamar a cikin kunnen mai kallo aka buga ta, alhali motar na can. A fili, duk ninkin nisa yana rage ƙarfin sauti da kusan 6 dB, kuma rage `Volume` kaɗai ba ya mayar da na kusa ya zama na nesa, don na nesa yana tafe da amsawar katanga da iskar wurin. Guɗar kuwa, innar da ta yi ta ranar ita na roƙa ta sake, a tsakar gida ba a ɗaki ba, na kuma gaya wa mutanen gida cewa ta biyu ce.

Wajen daidaitawa, ku ja hoton firam-firam har inda ƙofar ta haɗu da jikin mota, ku sa kan sautin a nan. In za a kuskure, gara ya makara da firam ɗaya da ya riga. Sauti na tafiyar mita 340 da 'yan kai a daƙiƙa, mai sara itace daga mita 34 sai gatarinsa ya sauka da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin a ji. Kunne ya saba da jinkiri tun haihuwa, bai taɓa sabawa da sautin da ya riga abin da ya haife shi ba.

Sautukan da ke cikin manhaja ku yi hattara da su. Tsuntsayensu ba namu ba ne, taron mutanensu in ka kasa kunne da wani harshe suke gunaguni, ruwan samansu kuma ba a kan kwano yake sauka ba.

8. Ku tara naku rumbun, kowane da lokacinsa.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka daɗe ba sabis. Wanda ya ga wannan ya san abin da ke cikin memori shi ne nasa. Minti guda na sauti da aka matse sau da yawa bai fi megabayit ɗaya ba, wanda ba a matse ba kuma, mai layi ɗaya, bai kai shida ba. Ku ɗauki tsakar gida da asuba, da hantsi, da dare. Ku ɗauki ruwa a kan kwano, kwaɗi da gyare na damina, iskar hunturu daga cikin zaure, daka a turmi, zabi da kurciya, hayaniyar kasuwa daga nesa, irin ta Sheme da kukan shanunta. Ku sa wa kowane suna da wuri da lokaci.

Lokacin ba ƙaramin abu ba ne, don masu kallon nan manoma ne. Kukan kwaɗi a ƙarƙashin hoton da kowa ke sanye da rigar sanyi, ga hazo ya rufe gari, ba wanda zai yarda da shi. Kiran salla kuma kada a mayar da shi abin cike gibi. Yana faɗin lokaci, ba a yanka shi a tsakiya, ba a maimaita shi, ba a ɗora masa kiɗa. In ya shigo cikin shirun da kuke ɗauka, ku dakata a idar sannan ku sake.

Kafin ku shimfiɗa kowane gunaguni, ku ƙure ƙararsa a iyafis ku saurare shi tun daga farko. A cikin na tsakar gidanmu na tsinci wata tana faɗin ranar da za a kai gara da hanyar da za a bi. A yankinmu irin wannan magana ba ta shiga bidiyon da zai yi yawo a waya, haka ma zancen kuɗi ko yawan dabbobin wani. Na yanke wurin. Ƙarar bindiga ko jiniya ko ihun gudu kuwa, waɗanda manhajoji ke bayarwa kyauta, kada yaro ya sa su ko da wasa. Bidiyo na rabuwa da mai shi cikin awa ɗaya, wanda ya same shi a Kaduna ba zai san ƙari ba ne, zai kira gida hankali a tashe.

9. Ku gwada da ido a rufe, a na'ura uku.

Ƙarfin facin ba shi da wata lamba da za a haddace. Ma'auninsa shi ne ya yi daidai da hucin da ke gefensa. Ku koma daƙiƙa biyar kafin gibin, ku rufe ido, ku saurara. In kun iya nuna inda facin ya fara, da saura. Ya yi ƙarfi, ku rage. Ya yi kauri ko ya yi siriri, daga wata waya ko wani ɗaki ya fito, ku nemi wani. Ya fi kyau ma ku miƙa wa wanda bai san inda kuka yanke ba, ku ce ya ɗaga hannu duk inda ya ji wani abu. Ƙanwata ta ɗaga sau ɗaya, a facin makullin sito, inda shirun washegari ya fi na ranar biki sanyi. Na ɗora masa ɗan gunagunin tsakar gida can ƙasa, kamar yana shigowa ta taga, a karo na biyu ta wuce wurin ba ta motsa ba.

Ku ji shi a iyafis, ku ji a sifikar waya, ku ji a babbar sifika ta bulutut irin wadda ake kunnawa a tsakar gida. Sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, gurnanin iska da na janareta sukan ɓuya a cikinta, sai an kunna a babba su fito su cika gida. Daga ƙarshe ku tura wa wata wayar ta WhatsApp ku sake saurare, domin yana matse bidiyo, matsewar kuma takan taɓa siraran sautuka irin waɗanda kuka sha wahala a kansu. Wanda za a ajiye a gida ku tura shi a matsayin `Document`. Ainihin yankunan da aka turo muku kuma, da iskarsu da tarinsu, ku kwafe su a memori daban kada ku goge.